Wa Zai Biya, Kuma Yaushe? Yadda Sunaye Ke Haɗiye Aikatau a Imel na Kasuwanci

Akwai wata irin Hausa da ta zauna daram a ofisoshi da kamfanonin Gombe da Bauchi, wadda mutum ba ya yin ta da baki sai ya zauna gaban kwamfuta. Dillalin da zai ce wa abokin cinikinsa a waya "ka turo ragowar kuɗin in loda maka kayanka", shi ne zai buɗe imel ya rubuta "akwai buƙatar kammala biyan ragowar kuɗi domin samun damar gudanar da aikin lodi". Magana ɗaya ce a zuciyarsa, amma ta biyun ta rasa abu biyu da ciniki ba ya tafiya sai da su: wanda zai yi aikin, da lokacin da zai yi shi.

Wannan rashi yana da dalili a cikin ginin harshen kansa. A Hausa, in ban da a umarni, aikatau ba ya fitowa shi kaɗai. Dole wata 'yar kalma ta gabace shi, irin su na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun. Malaman nahawu suna kiran ta zagin aikatau, domin tana tafe a gabansa kamar yadda zagi ke tafe gaban dokin sarki, kana ganinsa ka san wanda ke zuwa. Wannan 'yar kalma tana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Tana faɗin mai aikin, tana kuma faɗin ko aikin ya wuce, ko yana gudana, ko yana gaba. A duba aikatau ɗaya kawai, biya. "Mun biya" ya ce an gama. "Muna biya" ya ce ana ciki, wataƙila kashi-kashi. "Za mu biya" alkawari ne. "Mukan biya" al'ada ce. "Ba mu biya ba" amsa laifi ne. "Ku biya" buƙata ce. Duk waɗannan shida, da zarar an mayar da aikatau ya koma suna, sai su narke su zama abu guda: "biyan kuɗi". Mai karatu ya ga biyan kuɗi a rubuce, amma bai san ko an yi ba, ko za a yi, ko shi ake jira ya yi.

Shi ya sa wannan al'amari ya fi ƙarfin a ce gyaran salo ne don rubutu ya yi daɗin karantawa. Marubucin da ya zaɓi suna a inda aikatau ya kamata ya zauna ya cire bayani daga cikin jimlarsa, ko da gangan ko da rashin sani.

Ba wuya a gane inda ɗabi'ar ta samo asali. Yawancin masu rubuta imel na kasuwanci sun koyi rubutun ofis da Turanci, kuma Turancin takardun gwamnati ya shahara da tara sunaye. Hausar labaran rediyo, wadda galibi fassara ce da ake yi cikin sauri, ta kwaso wannan tsari ta ba shi kalmomin Hausa. Daga nan kunnuwa suka saba da "gudanar da", "aiwatar da", "samar da", "tabbatar da", "ɗaukar matakin", har ya zama idan rubutu bai ƙunshe su ba sai a ji kamar bai cika na ofis ba. A labarai wannan salo yana da ɗan uzuri, don mai karanta labari ba shi zai biya kowa ba. A imel na ciniki kuwa mai karatu yana neman abin da zai aikata ne kafin a tashi daga kasuwa.

Bari a ɗauki misali guda a bi shi daki-daki. A ɗauka wani mai sayar da hatsi a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya yi ciniki da wani mai haɗa abincin kaji a Bauchi. Masara ce buhu 300, kowane buhu kilo 100, wato tan 30, lodin tirela guda. An yi ciniki a kan naira miliyan 15, mai saye ya ba da kafin alƙalami miliyan 9, saura miliyan 6 da aka yi alkawarin zai cika kafin mota ta tashi. Ranar lodi ta zo ta wuce, Alhajin Bauchi ya aiko yana tambaya. Ga amsar da akawun mai hatsin ya rubuta masa:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da aiki, da fatan an tashi lafiya. Dangane da batun aiwatar da yarjejeniyar samar da masara, ana sanar da ku cewa an samu jinkiri wajen gudanar da aikin lodin kayan sakamakon rashin kammala biyan ragowar kuɗin. Haka kuma akwai buƙatar gudanar da bincike a kan ingancin wani ɓangare na kayan kafin ɗaukar matakin aikawa. Ana fatan samun haɗin kai domin tabbatar da kawo ƙarshen lamarin cikin gaggawa."

Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a wannan saƙo, kuma akwai ladabi. Amma a sa kai a matsayin Alhajin da ke karantawa a wayarsa, injinan niƙa suna jiran masara. "Rashin kammala biyan ragowar kuɗin" yana iya nufin shi ne bai cika miliyan 6 ba. Yana kuma iya nufin mai hatsin ne bai gama biyan waɗanda ya sayi masarar a hannunsu ba, shi ya sa ba su sakar masa kaya ba. Duk fassarorin biyu sun dace da jimlar, kuma abin da zai yi ya bambanta ƙwarai: a ta farko zai kira bankinsa, a ta biyu zai fara tunanin ko kuɗinsa sun maƙale. Haka "gudanar da bincike a kan inganci". Wa zai bincika? Shi ake so ya turo mutum daga Bauchi, ko su za su duba? Me aka gani a jikin masarar? "Wani ɓangare" buhu biyar ne ko rabin mota? "Cikin gaggawa" yau ne ko mako mai zuwa? Imel ɗin da aka rubuta don ya rage kiran waya ya haifar da kira uku.

Hanyar gyara ta fara ne da neman aikin da aka binne. A kowace jimla a tambayi kai, mene ne ainihin abin da hannu ko ƙafa ko banki zai yi a nan? A jimlar farko ayyukan gaske biyu ne, loda da biya. Sauran duk rakiya ce. "Aiwatar da yarjejeniya", "samar da", "an samu jinkiri", "gudanar da aikin", ba ɗayansu da ke nuna wani abu da ɗan dako ko direba ko ma'aikacin banki zai yi. Idan an ciro loda da biya aka mayar da su aikatau, nan take harshe zai ƙi ci gaba sai an sa musu zagi. Ba a iya rubuta "loda masara" a bar shi haka a matsayin labari. Dole a zaɓa: mun loda, ba mu loda ba, za mu loda. Wannan tilascin shi ne amfanin gyaran gaba ɗaya, domin yana sa marubuci ya tashi ya nemo gaskiyar abin da ya faru. Sau da yawa a nan ne akawu zai gane cewa shi kansa bai san ranar da za a loda ba, sai ya je ya tambayi maigida. Tarin sunayen da ya rubuta da farko ya rufe masa wannan giɓi ne, ba mai karatu kaɗai ya ɓoye wa ba.

Bayan an sa zagi, aikatau yana buɗe wasu guraben da suke neman a cike su. Biya yana tambayar nawa, wa, ta wace hanya. Loda yana tambayar me, yaushe. Duba yana tambayar me aka gani. Suna ba ya yin wannan tambaya, ana iya rubuta "biyan kuɗi" a wuce ba tare da an ji wani abu ya ɓace ba. Amma wanda ya rubuta "ku turo" zai ji jimlar tana rataye har sai ya ce ku turo me, kafin yaushe. Ga yadda saƙon zai koma idan an bi kowane aikatau an ba shi abin da yake nema:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da aiki, da fatan an tashi lafiya. Ba mu loda masararku ba tukuna, saboda ragowar naira miliyan 6 ba ta shigo asusunmu ba. Idan kun turo kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba, za mu loda da yamma, direba ya sauke muku ranar Alhamis da safe in sha Allahu. Jiya mun buɗe buhunan, mun tarar 40 daga cikin 300 suna da danshi. Mun shanya su, ranar Talata za mu sake aunawa mu cika abin da ya ragu. Idan ba su bushe ba za mu musanya muku da wasu, ba za mu ƙara ko kwabo a kan farashi ba. Don Allah ku turo mana sunan wanda zai karɓi kayan a sito da lambar wayarsa. Mun gode."

Abu na farko da za a lura da shi, saƙon bai gajarta ba, ya ma ɗan ƙara tsawo. Masu cewa a mayar da suna aikatau don rubutu ya ragu sun faɗi rabin magana. Jimla ɗaya-ɗaya tana raguwa, gaskiya ne, "akwai buƙatar gudanar da bincike" kalma biyar ce, "za mu duba" uku. Amma wurin da aka samu sai bayani ya shige shi: miliyan 6, ƙarfe 12, Laraba, buhu 40. Maganar sake aunawa ma aikatau ne ya jawo ta. Wanda ya rubuta "mun shanya" dole ya tuna cewa masarar da ta sha rana tana rage nauyi, buhun da ya kai kilo 100 da danshi ba zai kai ba bayan ya bushe, kuma mai abincin kaji zai ɗora shi a sikeli. "Bincike a kan inganci" ba zai taɓa tuna wa kowa wannan ba.

A lura kuma da jimlar kuɗin. An ce "ba ta shigo asusunmu ba", ba a ce "ba ku biya ba". Duka biyun aikatau ne, duka suna da zagi, amma na farko ya faɗi abin da mai rubutu ya tabbatar da idonsa, na biyun kuwa zargi ne da ba shi da hujjarsa. Mai yiwuwa Alhaji ya tura kuɗin suka maƙale tsakanin bankuna, abin da kowane ɗan kasuwa ya sani yana faruwa. Wannan zaɓi yana nuna cewa fito da aikatau ba ya nufin nuna wa mutum yatsa. Ana iya zaɓar mai aikin da ya dace da abin da aka sani, kuɗi ba su shigo ba, mota ba ta iso ba, takarda ba ta zo ba, kuma mai karatu ya fahimci inda matsalar take sarai.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta gane jimlar da ta kamu da wannan ciwo tun kafin a aika. A ƙirga haruffan mallaka, wato -n da -r da ke ɗaure suna da suna. A "rashin kammala biyan ragowar kuɗin kayan" za a ga sarƙa: rashin, biyan, ragowar, kuɗin. Biyu a jere ba komai, Hausa ta saba da "kuɗin motar Alhaji". Idan suka kai uku ko huɗu kuma a cikinsu akwai wanda asalinsa aiki ne, kamar biya, saye, aikawa, karɓa, to akwai aikatau da aka binne a wurin. Sai kuma kalmomin da ke buɗe ƙofa ga irin wannan sarƙa: batun, sha'anin, harkar, dangane da, sakamakon, akwai buƙatar, an samu, rashin. Wanda ke rubutu a kwamfuta yana iya danna `Ctrl+F` ya nemi "gudanar" da "rashin" da "samu" kafin ya aika. Duk inda ɗaya ya fito, ya dubi kalmar da ke biye da shi, yawanci ita ce aikin gaske. "Gudanar da taro" ya koma "za mu haɗu". "Aiwatar da gyara" ya koma "makaniki ya gyara". "An samu ƙarin farashi" ya koma "mun ƙara naira kaza a kan kowane buhu", ko "kamfani ya ƙara mana, mu ma mun ƙara".

"Rashin" ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mafakar mai kawo labari mara daɗi. Kore aikin da ya wuce a Hausa yana buƙatar "ba" a gaba da "ba" a baya, zagi a tsakiya, babu inda mai aikin zai ɓuya: ba mu aiko ba, ba ku sa hannu ba, direba bai tashi ba. "Rashin aikowa", "rashin sa hannu", "rashin tashi" kuwa sun mayar da gazawar mutum kamar wani yanayi da ya sauko daga sama. Ana fahimtar dalilin da ya sa ma'aikaci ke guje wa rubuta "ba mu aiko ba", yana tsoron ya ɗora wa kamfaninsa laifi a rubuce. Amma abokin ciniki ba yaro ba ne, ya san kaya ba su zo ba tun kafin ya buɗe imel. Abin da yake auna shi ne ko mutanen nan za su tsaya a kan maganarsu. Wanda ya rubuta "ba mu aiko ba, motarmu ta lalace a hanya, za mu aiko ranar Asabar" ya ba shi abin riƙewa. Wanda ya rubuta "an samu tsaiko sakamakon matsalar sufuri" ya ba shi dalilin neman wani dillali.

Wata asarar da ba a cika lura da ita ba tana cikin wasalin ƙarshe na aikatau. Hausa tana sauya ƙarshen aikatau don ta ƙara ma'ana, tsarin da masanin harshe F. W. Parsons ya kasa gida bakwai a 1960. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar sanin gidajen, yana amfani da su kullum. Ya san bambancin "direba ya kai rasit" da "direba ya kawo rasit", ɗaya can ya tafi, ɗaya nan ya zo. Ya san "ya sayi masarar" daban da "ya saye masarar", na biyun ya ce bai bar ko tsaba ba. Ya san "sun kwasa" ba ɗaya ba ne da "sun kwashe". Ya san "an gyara injin" bai kai "injin ya gyaru" ba, don ana iya gyarawa bai gyaru ba. Sunayen ofis suna share waɗannan bambance-bambance. "Jigilar kaya" bai ce za mu kawo muku har sito ba, bai kuma ce ku turo mota ta ɗauka ba, alhali wannan tambaya ita ce tambayar wa zai biya kuɗin mota daga Gombe zuwa Bauchi, da wa zai ɗauki asara idan ruwa ya doki kaya a hanya. Rigingimu da yawa tsakanin masu kaya da masu saye daga irin wannan kalma guda suke tasowa, kowa ya karanta ta yadda ta yi masa daɗi.

Akwai tarko ga wanda ya fara wannan gyara. Zai mayar da suna aikatau, amma ya sa masa zagin da ba ya nuna kowa: an, ana, za a, a. "Za a duba", "an tura", "ana kan aiki". Wannan rabin gyara ne. Lokaci ya dawo, mai aiki bai dawo ba. A cikin gida, tsakanin manaja da ma'aikatansa, wannan ya fi yin ɓarna. Idan manaja ya aika wa mutum huɗu imel ya ce "a tura wa mai kaya takardar lodi yau", kowanne cikin huɗun zai ɗauka ɗan'uwansa ake nufi, rana ta faɗi ba a tura ba. Gyaran shi ne a ambaci mutum ɗaya ko muƙami ɗaya: "akanta ya tura", "mai sito ya ƙirga ya aiko mini adadi kafin la'asar".

Sai dai a yi adalci, wannan "a" yana da aiki na gaske a al'adarmu. Ƙarami ba ya ce wa babba "ka biya". Yana cewa "a taimaka a duba mana", kuma babu wanda zai ruɗe a kan wanda ake nufi, tunda mutum ɗaya ake rubuta wa. A nan sakayawar girmamawa ce, ba ɓuya ba. Ma'aunin da za a riƙe shi ne, idan mai karatu zai iya tambayar "wa?" ya rasa amsa, to a fito da mai aikin. Idan amsar a bayyane take, ladabi ya ci gaba da aikinsa. Kuma Hausa tana da hanyoyin tausasa buƙata ba tare da an binne aikatau ba. Ana amfani da "ku" na girmamawa maimakon "ka" ko "ki". Ana sa "don Allah" a gaba. Ana juya umarni ya zama sharaɗi, kamar yadda aka yi a misalin sama, "idan kun turo kafin ƙarfe 12, za mu loda da yamma". Wannan jimla ta nemi kuɗi, ta sa wa'adi, ta yi alkawari, kuma ba ta ɗaga wa Alhaji murya ba. Gaisuwa ma tana nan daram. Sallama da barka da aiki da fatan alheri ba sa cikin abin da ake yankewa, imel ɗin da ya faɗa kan magana ba gaisuwa a nan ƙasar ya riga ya ɓata rabin cinikinsa.

Ba kowane suna ne abokin gaba ba, kuma mai gyara da zafin hannu yana iya lalata Hausa mai kyau. Akwai ayyuka da yawa da harshen ba ya faɗinsu sai da "yi" da suna: yi magana, yi haƙuri, yi ciniki, yi alkawari, yi kuskure. "Mun yi kuskure a lissafi" jimla ce kai tsaye, tana da zagi, tana da lokaci, tana da mai laifi. Ba abin da za a gyara a cikinta. Haka idan aiki yana gudana, Hausa da kanta takan yi amfani da siffar suna ɗan aikatau: muna jira, suna aunawa, ana saukewa. "Muna jiran amsarku" daidai yake. Abin da ake farauta shi ne inda aka ɗauki aikin da ke da aikataunsa lafiyayye aka lulluɓe shi da wani aikatau mara nauyi, kamar "yin biyan kuɗi" a madadin biya, ko "gudanar da aikin aunawa" a madadin auna.

Suna yana kuma da amfani idan an riga an faɗi aikin sau ɗaya ana so a koma kansa. Bayan an rubuta "ba mu loda ranar Litinin ba", jimla ta gaba tana iya cewa "wannan jinkiri ba zai shafi farashi ba". A nan "jinkiri" bai ɓoye komai ba, ya tattara abin da mai karatu ya riga ya sani ne. Ƙa'idar ita ce aikatau ya fara zuwa, suna ya biyo baya. Matsalar imel ɗin akawun ita ce ya fara da "an samu jinkiri" ba tare da ya taɓa faɗin abin da ba a yi ba.

Gurbin `Subject` shi ma yana karɓar sunaye, don lakabi ne ba labari ba. Amma ko a nan "Batun kaya" bai ce komai ba. "Masara buhu 300: muna jiran ragowar kuɗi kafin Laraba" ya isar da rabin saƙon tun mutum bai buɗe ba, kuma bayan wata uku, idan ana neman wannan imel cikin ɗaruruwa, shi za a fara gani.

Wani abin da aikatau ke ba marubuci shi ne ikon sa amsa a gaba. Idan Alhaji ya tambayi yaushe aka tura takarda, ana iya cewa "mun tura jiya", ana kuma iya cewa "jiya muka tura". Na biyun ya ɗauko ranar ya kai ta farkon jimla, zagin ya sauya daga mun zuwa muka, mai karatu ya ci karo da abin da ya tambaya a kalmar farko. Idan tambayar wa ya karɓi kaya ce, sai a ce "mai sitonku ne ya karɓa, shi ya sa hannu". Tarin sunaye ba ya lanƙwasuwa haka. "Dangane da batun karɓar kaya" yana nan yadda yake ko me aka tambaya, dole mai karatu ya tona har ƙarshen sakin layi ya ga ko an amsa masa.

Sauran haɗari ɗaya shi ne na alkawari. "Za mu" yana ɗaure mai rubutu, kuma imel yana zama hujja idan magana ta kai gaban shugabannin kasuwa ko kotu. Wannan ne ya sa wasu ke komawa "za a yi ƙoƙarin ganin an samu damar aikawa", inda ƙoƙari da gani da dama suka tsaya tsakanin mutum da aikinsa. Mafita ba ita ce a yi alkawarin abin da ba a da iko a kansa ba. A raba abin da ke hannu da abin da ba ya hannu, kowanne da aikataunsa. Mai hatsin yana da iko a kan lodi, don haka ya ce "za mu loda ranar Laraba". Ba shi da iko a kan hanya da lafiyar mota, don haka ya ce "direba ya ce zai iso Alhamis, za mu turo muku lambarsa da zarar ya tashi". Idan kuwa ranar lodin ma ba ta tabbata ba saboda ana jiran masara ta bushe, sai ya rubuta abin da ya tabbata: "ranar Talata da yamma za mu gaya muku ranar da za mu loda". Wannan ma alkawari ne mai zagi da rana, kuma Alhaji yana iya tsara aikin injinansa a kansa, ya san ko zai nemi buhu hamsin a kasuwar Muda Lawal ya riƙe aikinsa kafin motar Gombe ta iso.